Kunyar da Take Bin Amarya Har Ɗakin Miji

A yawancin gidajenmu, yarinya takan shekara ashirin ko fiye ana nuna mata cewa duk abin da ya shafi sha'awa iskanci ne. Ba a yi mata bayani ba, harara ce da tsawa, wani lokaci da mari. Sai ranar ɗaurin aure ta zo, a sa ta a lalle, a yi mata gyaran jiki, a cika mata akwati da turare da kayan mata, gwaggonninta su raka ta har bakin gado suna cewa ta yi haƙuri ta yi biyayya, su ja ƙofa su tafi. Abin da ake jira a wurinta shi ne a daren nan ta zama wata mace dabam, wadda ta san jikinta, take sakin jiki da mijinta, ba ta jin ta aikata wani abin kunya. Wasu sukan iya. Da yawa kuma ba sa iyawa, domin ɗaurin aure yana canza hukunci ne nan take, amma jiki da zuciya ba sa jin sanarwar da liman ya yi a ƙofar gida. Abin da aka dasa musu shekara da shekaru yana nan inda yake.

Maza ma ba su tsira ba. Akwai magidancin da har yau, in ya sadu da iyalinsa ta halal, yakan tashi da nauyin zuciya kamar wanda ya yi sata. Akwai saurayin da ya ƙaurace wa sahun gaba a masallaci, ba don ya aikata komai ba, sai don yana ganin mai irin tunanin da ke zuwa masa bai cancanci tsayawa bayan liman ba.

Ya kamata tun farko a fitar da abin da ake nufi. Kunyar da ke sa mutum ya suturta jikinsa, ya kame bakinsa gaban surukai, ya riƙe sirrin ɗakinsa, ado ce, kuma babu mai neman a raba Bahaushe da ita. Wadda ake magana a kai wata ce: wadda take sa mutum ya ji shi kansa ƙazami ne don kawai jikinsa ya motsa.

Yadda ake dasa ta

Da wuya a sami uwa ko uba da ya zauna ya ce wa ɗansa sha'awa ƙazanta ce. Yaro yana koyon abin ne daga fuskokin manya. Ɗan shekara uku ya kai hannu gabansa lokacin wanka, kamar yadda yake kai wa kunne ko cibiya, sai a buge hannun a ce "kai, ƙazami!" Ya san sunan ido da hanci da gwiwa, amma wannan wuri ɗaya ba shi da suna, sai "can" ko "wajen nan". Ya tambayi ta ina ƙanwarsa ta fito, ɗaki ya yi tsit, a ce daga asibiti aka sayo ta. Daga nan ya fahimci akwai wani yanki na jikinsa da ko ambatonsa laifi ne.

Sai balaga ta zo. Ga 'ya'ya mata takan fara ne tsakanin shekara 8 zuwa 13, ga maza tsakanin 9 zuwa 14, wato sau da yawa tun kafin iyaye su ga lokacin magana ya yi. Yarinya ta ga jini, ta ɓoye zanen kwana biyu saboda tsoro. Da aka gane, abin da aka ce mata bai wuce jimla ɗaya ba: yanzu kin girma, in namiji ya taɓa ki ciki za ki yi. Yaro kuma ya farka da asuba ya ga wandonsa a jiƙe, ya lallaɓa ya wanke kafin kowa ya tashi, yana zaton wata cuta ce ko wani zunubi. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan mafarkin balaga ne, kuma duk mazan gidan sun bi ta nan.

A da akwai masu cike wannan giɓi. Uwa tana kunyar ɗanta na fari har ba ta kiran sunansa, don haka ba a taɓa ɗora mata wannan aiki ba. Na kaka ne, wadda ake wasa da ita, da gwaggo, da inna, da yayyen da suka riga yin aure a babban gida. Yanzu da yawa suna tashi a gidan haya, daga su sai uwa da uba. Kunyar uwa tana nan, kakar kuma tana ƙauye. Makarantar boko ba ta maye gurbin ba: malami yakan zo babin haihuwa ya ce a karanta a gida, aji ya ɗauki dariya. A Islamiyya ana karanta babin tsarki, amma sau da yawa malami yakan wuce da sauri in ya iso maziyyi da maniyyi, ya fi daɗewa a kan azabar mazinata. Yaro sai ya fito da tsoron wuta cikakke da ilimin jikinsa kaɗan.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da rarrabe abu biyu da mukan haɗa. Helen Block Lewis, a littafin da ta fitar a 1971, ta nuna bambanci tsakanin jin laifi da jin ƙasƙanci. Mai jin laifi yana cewa na aikata abu mara kyau. Wannan yana da mafita: ya daina, ya tuba, ya gyara. Mai jin ƙasƙanci kuwa cewa yake ni ne mara kyau, kuma wannan ba shi da ƙofar fita, domin mutum ba ya iya tuba daga zama kansa. Abin da yake yi sai ɓuya da ƙarya da nisantar mutane. Yaron da aka mara don ya yi tambaya bai koyi wani hukunci ba. Ya dai koyi cewa akwai wani abu a tare da shi da in aka gani za a ƙi shi.

Abin da littattafan suka ce

Wanda ya tashi da irin wannan kunya yakan ɗauka addini ne ya ɗora masa. Shi ya sa matakin farko na warwarewa, ga mai imani, shi ne ya koma ya duba da idonsa. Zai tarar da abin da ba a tsaya an nuna masa ba.

Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu ɗaruruwan shekaru, da ta gama babin aƙida sai ta shiga abin da ke wajabta alwala da wanka. A nan ta siffanta maziyyi da wadiyyi da maniyyi ɗaya bayan ɗaya, launinsu da lokacin fitarsu, har ta ambaci cewa maziyyi yana fita saboda wasa ko tunani. Babu tsawa a wurin, babu kiran kowa ɗan iska. Magana ce ta ruwa da wanki.

A Bukhari da Muslim an ruwaito Ummu Sulaim ta zo gaban Annabi (SAW) ta tambaya ko mace tana wanka idan ta yi mafarki. Ummu Salama da ke wurin ta rufe fuskarta don kunya. Ya amsa tambayar kai tsaye, cewa tana yi idan ta ga ruwa, bai kuma tsawata wa mai tambayar ba. Nana A'isha ta yabi matan Ansar a kan cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini. Sayyidina Ali mutum ne mai yawan maziyyi, ya ji nauyin tambaya da kansa saboda yana auren 'yar Annabi, sai ya aiki Miƙdad ɗan Aswad. Amsar da ta dawo ita ce ya wanke gabansa ya yi alwala. A lura da yadda Ali ya yi: ya ji kunyar suruki, irin wadda kowane Bahaushe ya sani, amma bai bar ta ta hana shi samun amsa ba.

Labarin da ya fi dacewa da masu jin kansu ƙazamai shi ne na Abu Huraira. Ya haɗu da Annabi (SAW) a wata hanya ta Madina yana da janaba, sai ya sulale ya je ya yi wanka ya dawo. Da aka tambaye shi inda ya shiga, ya ce ya ƙi ne ya zauna da shi ba shi da tsarki. Annabi ya yi tasbihi don mamaki, ya sanar da shi cewa mumini ba ya zama najasa. Janaba hali ne da wanka ke ɗauke shi, ba ta taɓa darajar mutum. Haka nan an ruwaito cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, kuma Allah ya yafe wa al'umma abin da zuciya ta raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri cewa saduwar mutum da iyalinsa sadaka ce. Kirista Bahaushe shi ma zai tarar da Waƙar Waƙoƙi a tsakiyar Littafi Mai Tsarki, da sura ta 7 ta Korintiyawa ta Fari inda aka ce miji da mata kowa yana da hakki a kan ɗan'uwansa.

Iyakokin suna nan daram, zina haramun ce, an kuma yi umarni da runtse ido. Amma duka an ɗora su ne a kan abin da mutum ya zaɓa ya aikata. Motsin da ke zuwa ba da gayyata ba halitta ce. Mutum na iya riƙe kowace iyaka ta addininsa ba tare da ya tsani jikinsa ba, kuma a ganina wanda bai tsani jikinsa ba ya fi iya riƙe su.

Me ya sa danniya take ƙara wutar

Dalilin wannan ra'ayi nawa yana cikin wani gwaji da Daniel Wegner da abokan aikinsa suka wallafa a 1987 a Amurka. Sun ce wa mutane su yi minti biyar kada su yi tunanin farar dabbar nan ta ƙanƙara mai suna beyar, in ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake su aka ce yanzu su yi tunaninta, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tuna ta. Dalili shi ne, don ƙwaƙwalwa ta tabbatar ba ta tunanin abu, dole ta riƙa leƙawa ta ga ko yana nan, kuma kowane leƙe tunawa ne.

Haka saurayin nan yake. Tunani ya gifta masa, ya firgita, ya yi ta faɗa da shi, tunanin ya ƙara ƙarfi. Ya ce lallai na lalace. Baƙin cikin ya yi masa nauyi, ya nemi abin da zai rage shi, kuma sau da yawa abin da ya fi kusa shi ne wayar da ke hannunsa da tsakar dare. Da safe ƙasƙancin ya ninka, zagayen ya sake farawa. Wa'azin da ke ƙara masa tsanar kansa yana zuba wa wannan zagaye mai ne, ko da mai wa'azin alheri yake nufi.

Abin da ke karya zagayen ba shi da armashi, amma yana aiki. Idan tunanin ya zo, mutum ya kira shi da sunansa a zuci: wannan sha'awa ce, lafiyar jiki ce. Kada ya bi shi, kada kuma ya tsaya kokawa da shi. Ya ci gaba da abin da yake yi, karatu ne ko aiki ko tafiya. Motsin yakan hau, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa idan ba a ciyar da shi ba, kuma firgita ma ciyarwa ce. Idan kuwa ya aikata abin da imaninsa ya hana, ya tuba a kan aikin, ya gyara abin da ya kai shi, kamar kwana da waya a ƙarƙashin filo, ya koma sahunsa a masallaci a ranar, kada ya jira sai ya ji ya cancanta.

Wata amarya, mataki mataki

A ɗauki misalin da likitocin mata suka saba gani. Amarya ce mai shekara 23, ta yi karatu, tana son mijinta, ita ta zaɓe shi. Wata huɗu da tarewa, ba a taɓa samun saduwa ba. Duk lokacin da ya matso, cinyoyinta sukan haɗe, numfashinta ya ɗauke, in an gwada sai ta ji kamar an ci karo da bango, ga zafi kamar yanka. Ta yi kuka ta ba shi haƙuri. Shi kuma tun yana lallashi har ya fara tunanin ko ba ta sonsa, ko akwai wani a ranta. Kwanan baya ma shi kansa ƙarfinsa ya fara raguwa, domin jikinsa ya koyi cewa kusantarta na nufin kuka.

Da maganar ta kai ga manya, fassara uku aka kawo. Wata ta ce aljani ne ya aure ta, a kai ta ruƙiyya. Wata ta ce sammu ne. Wata tsohuwa ta ce ai ba ta da hanya, a kira wanzami ya yi mata yankan gishiri. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari. Yanka ne da aska a cikin farji, yana iya jawo zubar jini mai yawa, yana iya huda mafitsara ya bar mace da yoyon fitsari, kuma tabon da yake bari yana ƙara zafin da aka ce za a magance. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma aska kada a bari ta kusance ta.

Abin da ke damunta yana da suna, likitoci na kiransa bajinismus. Tsokokin da ke kewaye da bakin farji ne suke ɗaurewa da kansu idan wani abu ya tunkaro, kamar yadda ido ke ƙiftawa ba da izinin mai shi ba. Ba da gangan take yi ba, kuma ba taurin kai ba ne. William Masters da Virginia Johnson, a littafinsu na 1970, sun lura cewa da yawa daga matan da suka zo musu da wannan matsala sun tashi ne cikin tarbiyya mai tsananin tsoratarwa game da jima'i. Ba ita kaɗai ce sanadi ba. Tsoron zafi ma yana kawo ta, musamman ga wadda ƙawaye suka cika wa kunne da labarin daren farko da jini. A nan ya kamata a faɗa a sarari: mata da yawa ba sa zubar da jini a saduwar farko, kuma rashinsa ba ya nuna komai game da budurci.

John Bancroft da Erick Janssen na Cibiyar Kinsey sun bayyana cewa sha'awa tana da tsari biyu a ƙwaƙwalwa, ɗaya mai kunnawa, ɗaya mai hanawa, tamkar totur da birki a mota. Turare da tsumi da duk kayan matan da aka cika wa amaryar nan ƙoƙari ne na taka totur. Ita kuwa ƙafarta tana kan birki tun tana ƙarama. Aikin da ke gabanta sakin birki ne.

Likitar ta fara da tambayoyi kafin ta taɓa ta, ta kuma gaya mata cewa ba za a duba ta ba sai ta yarda, kuma in ta ce a tsaya za a tsaya. Dubawar tana da amfani don a tabbatar babu wani ciwo, ko ƙaiƙayi, ko tabon kaciya, ko tantanin da ya yi kauri fiye da kima, waɗanda maganinsu dabam ne. Ba a sami ko ɗaya ba. Sai ta kira mijin ta ce masa, "Malam, matarka lafiyarta ƙalau. Tsoro ne ya kama tsoka. Abin da nake roƙonka shi ne ku ajiye gwada saduwa gaba ɗaya har sai na ce." Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ma'aurata suka fi karyawa. Duk gwajin da ya ƙare da zafi yana tabbatar wa jiki cewa tsoronsa gaskiya ne.

Makonnin farko aikin nata ne ita kaɗai. An nuna mata zanen jikin mace aka gaya mata sunan kowane sashe, ta koma gida ta duba kanta da madubi, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta gane cewa farin ruwan da take gani a wasu kwanaki na wata, wanda ta sha magungunan sanyi a kansa, tsabtar jiki ce matuƙar babu wari ko ƙaiƙayi ko canjin launi. Aka kuma ba ta aikin takarda: ta rubuta duk maganar da take ji a kanta idan mijinta ya matso, ta rubuta wanda ya fara faɗa mata, da shekarunta a lokacin. Ta rubuta cewa macen kirki ba ta nuna tana so, muryar innarta ce, tana 'yar shekara 12. Ta rubuta cewa wajen nan ƙazanta ne, wannan tun ba ta san shekarunta ba. A gefen kowace magana ta amsa tambaya ɗaya: addini ne ya faɗa, ko tsoron wanda ya rene ni ne? Waɗanda ta yi shakka a kansu ta kai wa wata malama da ta amince da ita. Iyaka ko ɗaya ba ta zubar ba, amma jerin ya ragu ƙwarai. Ba ta kuma buƙaci ta tsani innarta ba. Matar tana tsoron abin da ke samun 'ya'ya mata ne, ta kare ta da abin da ita ma aka kare ta da shi.

Sai aikin tsoka. Ta koyi gane tsokokin, waɗanda mutum ke matsewa in yana riƙe fitsari, ta riƙa matse su kaɗan sannan ta sake su tana fitar da numfashi a hankali. Sakin ake nema, ba matsewar ba. Daga nan, da man shafawa mai ruwa-ruwa irin wanda ake sayarwa a kemis don wannan aiki, ta fara da ɗan yatsanta, sannan da wasu sanduna masu santsi da asibiti ke bayarwa, daga siriri zuwa mai kauri. Minti goma zuwa sha biyar, sau da yawa a mako, ita ke riƙe da komai. Ƙa'idar ita ce ɗan rashin daɗi ba laifi, amma zafi na nufin a tsaya a koma na baya. Ba a hawa mataki sai wanda ake kai ya zama ba komai.

A gefe guda ita da mijin suna yin abin da Masters da Johnson suka tsara. Su keɓe lokaci sau biyu ko uku a mako, ƙofa a rufe, waya a kashe, su riƙa taɓa juna bi da bi a hannu da baya da kafaɗa da ƙafa, ban da al'aura, kuma da alkawarin ba za a wuce nan ba. Manufar ba tayar da sha'awa ba ce. Mai irin wannan kunya, ko a lokacin kusanci, hankalinta yakan fita daga jikinta ya tsaya gefe yana kallonta yana yanke mata hukunci. Wannan aiki yana dawo da hankalin kan ɗumi da laushin da fata ke ji. A mako na biyu ta iya ce masa, "Yaya, nan ya fi, can kuma bari tukuna." Ga wadda aka rena a kan cewa ko buɗe baki a wannan wuri rashin tarbiyya ne, wannan jimla babban ci gaba ce. Bayan wasu makonni aka faɗaɗa taɓawar, saduwa kuma ta zo a ƙarshe, a yanayin da ita ce ke iko da sauri da zurfi.

Ba a tafi a miƙe ba. A tsakiya mijin ya ga an sami ci gaba ya yi gaggawa, ta ji zafi, aka koma baya da kusan mako biyu. Zuwan surukarta da tambayar ko an samu ƙaruwa shi ma ya dawo da ɗaurewar na ɗan lokaci. Irin wannan koma-baya ba ya nufin maganin ya ƙi. Mafi yawan matan da suka bi wannan hanya da haƙuri sukan kai ga saduwa, wasu cikin makonni, wasu cikin watanni. Jin daɗi da sakin zuciya kuma sukan biyo baya a hankali, domin tsoka takan riga zuciya sakewa. Ranar da aka fara samun saduwa ta fashe da kukan da ita kanta ba ta san dalilinsa ba, kuma ta ɗauki lokaci kafin nauyin da take ji bayan kowane wankan janaba ya gushe.

Inda wannan bai isa ba

Akwai waɗanda kunyarsu ba daga tsawa ta samo asali ba. Wani babba ne ya taɓa su suna yara, ɗan'uwa ko maƙwabci ko malami, suka yi shiru domin an riga an koya musu cewa maganar wajen nan laifi ce. Alamarsa sau da yawa ita ce firgita mai tsanani in an taɓa su, ko ganin abin yana dawowa a ido, ko jin kamar sun bar jikinsu, ko munanan mafarkai. Irin waɗannan kada su fara da sanduna ko taɓawa su kaɗai. Suna buƙatar ƙwararren da ya san aikin raunin zuciya, kuma su ji daga bakin wani cewa laifin na babban ne gaba ɗaya, ko da jikinsu ya motsa a lokacin, domin jiki yakan amsa taɓawa ba da yardar mai shi ba.

Akwai kuma wanda abin ya zame masa waswasi: yana duba wandonsa sau da yawa a yini ko maziyyi ya fita, yana maimaita wankan janaba, yana sake salla saboda wani hoto da ya gifta masa wanda shi kansa yake ƙyama. Malaman fiƙihu sun san wannan, hukuncinsu ga mai yawan shakka shi ne ya yi watsi da ita ya ci gaba. Idan ya kasa, har abin yana cinye masa sa'o'i, to cuta ce da likitocin ƙwaƙwalwa ke magancewa da horon tunani, wani lokaci da ƙwayoyi. Ana samun su a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. Yawan neman fatawa a kan tambaya ɗaya ba ya kwantar da waswasi, ƙara masa ƙarfi yake yi.

Zafin da ya fara bayan an daɗe ana saduwa lafiya, ko wanda ake ji can ciki, ko mai zuwa da jini ko wari ko zazzaɓi, shi kuma ba na kunya ba ne, na likitan mata ne tun ranar farko. Haka idan miji yana tilastawa ko duka, ɗaurewar jikin matar kariya ce daga haɗari na gaske, kuma babu wani atisaye da zai yi aiki sai an fara tsayar da cutarwar.